Nawa ne kuɗin alkawarin miliyan ɗaya a yau?

Wani magidanci ɗan shekara 60 ya je kamfanin inshora da buƙata ɗaya: idan ajali ya riske shi cikin shekara uku masu zuwa, a ba iyalinsa naira miliyan ɗaya. Idan Allah ya ja kwanansa ya wuce wa'adin, babu abin da za a biya. To, nawa ya kamata ya biya yau, a dunƙule?

Ranar mutuwar mutum Allah ne kaɗai masaninta, kuma masu lissafin inshora ba su ce sun sani ba. Taro suke dubawa. Idan aka tara mutum dubu sa'annin juna, ana iya kintatar yawan waɗanda za su rasu kowace shekara, ko da ba a san su wane ne ba. Jerin wannan ƙiyasi shi ake kira jadawalin mace-mace. Tsohuwar dabara ce, don tun 1693 Edmond Halley, mai tauraron nan mai wutsiya, ya wallafa irinsa daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin Polan.

Bari mu ƙirƙiri ƙaramin jadawali don misali kawai. Cikin mutum 1,000 masu shekara 60, a ce 20 za su rasu a shekarar farko, 25 a ta biyu, 30 a ta uku. Mu kuma ɗauka cewa ana biyan iyali a ƙarshen shekarar rasuwa, kuma kuɗin da kamfani ya juya yana kawo ribar kashi 10 cikin 100 a shekara.

Wannan riba ita ce rabin lissafin na biyu. Miliyan ɗayan da za a biya baɗi ba sai an ajiye ta cif yau ba. Naira 909,091 ta isa, don da ribarta za ta cika miliyan. Wadda za a biya bayan shekara biyu, 826,446 ake bukata yau, ta shekara uku kuwa 751,315. Kowane mataki raba na baya ne da 1.1.

Sai a haɗa biyun. A shekarar farko yiwuwar biya 20 ce cikin 1,000, wato 0.02, idan aka ninka 909,091 da ita a samu 18,182. Ta biyu, 0.025 sau 826,446 ya ba da 20,661. Ta uku, 0.03 sau 751,315 ya ba da 22,539. Jimilla naira 61,382. Wannan ita ce darajar alkawarin a kuɗin yau.

Mai shakka yana iya gwadawa da kansa, kuma a ganina a nan lissafin yake gamsar da mutum. Idan duka dubun suka biya wannan kuɗi, asusu ya tashi miliyan 61.38. Bayan shekara ya zama 67.52, a fitar da 20 na iyalan mamata, saura 47.52. Ya haihu zuwa 52.27, a fitar da 25, saura 27.27. A shekara ta uku ya kai miliyan 30 daidai, iyalai 30 su karɓa, asusu ya ƙare babu saura babu bashi.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne shekara ta biyu. Sukan raba 25 da 980, wato waɗanda suka rage da rai. Wancan amsar wata tambaya ce, ta wanda ya riga ya kai 61. Magidancinmu yana 60 yau, dole a ƙirga shi cikin dubun farko. Alamar kuskuren ita ce asusun gwaji zai bar rara a ƙarshe.

Adadin kuma yana rataye ne a kan zato. Da ribar kashi 5 ce, kuɗin zai hau zuwa 67,639, da babu riba sam zai zama 75,000. Kamfanin da ya cika burin riba zai yi arha yau, ya kasa biya gobe. Haka idan jadawalin na wata ƙasa ne mai tsawon rai, ko marasa lafiya suka fi tururuwar saye, shi ya sa ake yawan neman gwajin likita. Jadawalin ma sai da taro yake aiki: mai abokan ciniki goma, rasuwa ɗaya ta fi duk abin da ya tara.

Masu takaful, da ke gudun kuɗin ruwa, su ma da jadawalin suke aiki, sai dai ribar da suke sa wa lissafi ta jarin halal ce da ake sa ran samu. A takaful ko a inshorar da aka saba, abin da za a nema daga magidancin zai ɗara 61,382, domin ba mu sa albashin ma'aikata, ladan dillali da ajiyar ko-ta-kwana ba.