Yadda ake zana cunkoson kasuwa ba tare da jarumi ya ɓace ba

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya da la'asar ya san cewa ido ba ya samun wurin hutawa. Ga keke Napep suna kutsawa, ga masu baro, ga lemomin 'yan tireda, ga jama'a masu shiga tsohon birnin Katsina da masu miƙewa hanyar Dutsinma. Matasanmu masu zanen littattafan yara da labaran barkwanci suna son irin wannan wuri, kuma suna da gaskiya. Sai dai da yawa kan zana kowane tumatir da kowace fuska da ƙarfi iri ɗaya, har mai karatu ya rasa wanda ake ba da labarinsa.

Dalilin yana cikin halittar ido. Abin da muke gani tangaram a lokaci guda bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan an miƙe hannu, shi ya sa ido ke tsalle wajen sau 3 a daƙiƙa. Inda ya fi saurin sauka shi ne wurin da haske da duhu suka yi karo, sai fuskar mutum, sai rubutu. Masanin Rasha Alfred Yarbus, wanda littafinsa ya fito da Turanci a 1967, ya nuna yadda masu kallon zane ke yawan komawa kan fuskoki. Aikin mai zane ke nan: ya ajiye waɗannan abubuwa inda yake so a duba, ya rage su a sauran wurare.

Mu ɗauki misali. Jarumarmu yarinya ce mai tallan fura da nono, ta shigo ta Ƙofar Kwaya tana neman ƙanenta. Kafin a taɓa launi, a zana shafin ƙarami kamar kwalin ashana, da mataki 5 kacal daga fari zuwa baƙi. Abin da ke gaba, wato bayan wani mai baro da gefen rumfa, a ba shi mataki na 4, mai duhu. Cunkoson tsakiya ya zauna a na 3. Gine-ginen nesa su koma na 2, su dusashe yadda ƙurar hunturu ke dusasar da su, wanda kowane Bakatsine ya saba gani. Fari fat da baƙi ƙirin kuwa a ɓoye su, kada su haɗu ko'ina sai a jikin yarinyar: farar ƙwarya a ka, inuwar rumfa mai duhu a bayanta.

A nan ne kasuwar Hausa ke da nata tarko. Mazanmu na son fararen kaya, kuma idan an zana dattawa goma da farar riga mai sheƙi, kowannensu zai ƙwace ido daga ƙwaryar. Sai a jefa su cikin inuwa, farin ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Mai karatu zai ci gaba da ɗaukarsa fari ne. Haka ruwan ɗorawar keke da jan tattasai. A kashe musu kaifi, a bar launi mai zafi guda ɗaya, misali jan mayafi, ga jarumar kaɗai. Allunan shaguna kuma a mayar da su zane-zanen da ba ya karantuwa, domin ido ba ya iya wuce rubutu bai karanta ba.

Bayan haka sai layuka. Bakin kwalta, igiyar rumfa, hannun baro da wayar lantarki duk a karkata su su nufi inda take. Mutum biyu ko uku su waiwayo suna kallonta, tunda mukan bi idon wasu, sauran a ba mu ƙeyarsu ko a bar fuskokinsu ba ido ba baki. A kuma bar ɗan fili kewaye da kanta. Kuskuren da na fi gani shi ne sandar lema ta fito daidai tsakar kan jarumi, ko gefen ƙwarya ya taɓa gefen rufin keke, sai siffofin biyu su manne. Ko dai ɗaya ya rufe ɗaya sosai, ko a raba su.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A ɗauki hoton zanen da waya, a mayar da shi fari da baƙi, a kanne ido. Idan yarinyar ta narke cikin jama'a, matakan hasken ne suka lalace, kuma ƙarin launi ba zai gyara ba. Sannan a miƙa wa yaron da bai san labarin ba, a ce ya nuna wanda ya fara gani.

Kada dai a wuce gona da iri. Idan aka share kasuwar har ta zama hazo, an yi asarar Katsina, domin mai karatu na so ya gane garinsu bayan ya ga jarumar. A bar masa wuri biyu ko uku masu cikakken zane, kamar mai tsire ko tulin buhunan gero, amma a jera su a kan hanyar da za ta mayar da idonsa ga yarinyar. Mai zane ya je Ƙofar Kwaya da takarda da fensir, ya zano abin da ya gani duka, ragewar kuma ya yi ta a gida.