Me ya sa katin banki ke cin kuɗi fiye da farashin da ka gani a ƙasar waje?

A ce ka je Umara, ka shiga wani shago a Madina ka zaɓi jallabiya da turare da dabino, aka lissafa maka riyal 375. Riyal a ɗaure take da dala tun 1986, kowace dala ɗaya riyal 3.75 ce, saboda haka kayan nan dala 100 ne cif. Ka duba waya ka ga dala tana naira 1,500, misali, sai ka sa a ranka 150,000 za ta fita. Ka miƙa katin naira, saƙon banki ya shigo, ka ga an cire 156,045. Ina dubu shida da ɗoriya ta tafi?

Tun daga farashin wayar aka fara samun saɓani. Duk wanda ya taɓa zuwa Wapa a Kano ya san ɗan canji farashi biyu gare shi: wanda yake saye da wanda yake sayarwa, ratar da ke tsakani kuwa ita ce ribarsa. Abin da waya ke nunawa tsakiyar farashin nan biyu ne. Ba wanda zai sayar maka da dala a kansa. Banki ma ɗan canji ne, sai dai shi ba ya faɗa maka farashi kafin a yi ciniki.

Sannan kuɗin naka sau biyu ake canza shi. Mai shago riyal zai karɓa. Kamfanin katin, Visa ko Mastercard, shi ke mayar da riyal ɗin dala da farashinsa na ranar, akwai kuma ɗan cajin da ake ɗorawa saboda ciniki ya tsallaka iyaka. Mu ɗauka dala 100 ta koma 101. Daga nan bankinka ya sayar maka da dala 101 ɗin a nasa farashin, a ce 1,545. Dala 101 sau 1,545, ga 156,045 nan. Wani bankin yakan rubuta ladan canji a layi daban ka gan shi da idonka, wani kuma ya cusa shi cikin farashin dalar. Na biyun ya fi damuna, domin mutum zai zaci ba a caje shi komai ba.

Gane abin da aka ci ba wuya. Raba kuɗin da aka cire da farashin kayan: 156,045 a raba 375 ya ba da kusan naira 416 a kowace riyal, alhali a lissafin waya 400 ce. Ƙarin kashi huɗu cikin ɗari ke nan. Ka gwada wannan da ƙaramin ciniki kafin ka biya kuɗin otal, in kana da kati biyu ka gwada kowanne, za ka san wanda ya fi sauƙi.

Akwai kuma caji ɗaya da kai ne ke amincewa da shi da yatsanka. Wani lokaci na'urar biya ko ta cirar kuɗi takan tambaye ka: da kuɗin ƙasar za ka biya, ko da kuɗin katinka? Mai katin dala a Saudiyya zai ga SAR da USD a allo. Hankali yakan karkata ga kuɗin da aka saba da shi, tunda ga adadin nan a rubuce. To amma idan ka zaɓi wannan, kamfanin da ke bayan na'urar ne zai yi canjin da farashin da ya yanka wa kansa, kuma galibi ya fi na kamfanin kati tsada nesa ba kusa ba. Mai shagon ma yakan samu kaso a ciki, shi ya sa wani zai danna maka ba tare da ya tambaya ba. Ka ce masa da riyal za ka biya, ka kuma duba rasit kafin ka bar wurin. A kowace ƙasa, kuɗin ƙasar ake zaɓa.

Ranar ciniki ma ba lallai ita ce ranar lissafi ba. Sau da yawa banki yakan riƙe kuɗin ne tukuna, a kammala bayan kwana ɗaya zuwa uku. Idan naira ta faɗi a tsakani, ana iya ƙara cire maka cikon. Haka in ka mayar da kaya aka dawo maka da riyal 375 ɗin: da farashin saye na ranar za a mayar da ita naira, don haka da wuya 156,045 ɗinka ta dawo cikakkiya.

Cirar tsabar kuɗi a na'ura kuwa tana da nata caji na kowace cira, wanda sau da yawa ba ya la'akari da yawan abin da ka ɗauka, ga kuma ladan canjin a kai. Wanda ya ciri riyal 100 sau biyar ya biya cajin sau biyar, wanda ya ciri 500 a tashi ɗaya ya biya sau ɗaya.