Cike Gurbi da Sifilain Mai Daraja Uku: Misali Daga Awon Ruwa a Kadawa

Ruwan da manoman rani suke sha da shi a Kadawa da sauran yankunan Kura da Bunkure yana tasowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya biyo babbar kanal, sannan a rarraba shi ta ƙananan magudanai a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Mai rabon ruwa ba ya ƙirga litoci. Zurfin ruwa yake karantawa a jikin sandar awo, daga nan ya duba jadawali ya ga yawan ruwan da ke wucewa a wannan zurfin. Matsalar ita ce jadawali ba ya ɗauke da kowane zurfi. Idan yana da adadin santimita 20 da na 40, ruwa kuma ya tsaya a 30, dole a cike gurbin da ke tsakani. Wannan muƙala za ta duba hanya ɗaya ta cike irin wannan gurbi, wato sifilain mai daraja uku, da sharaɗin da ake gindaya masa a bakunansa biyu, da dalilin da ya sa kuskurensa yake raguwa sau goma sha shida idan an raba tazara biyu.

Asalin sifilain siririn itace ne mai lanƙwasuwa, wanda masu zanen jiragen ruwa suke dannewa da nauyin darma a wasu wurare, shi kuwa ya samar wa kansa lanƙwasa mai santsi a tsakani. I. J. Schoenberg ne ya shigo da kalmar cikin lissafi a 1946. A lissafin, wuraren da aka danne su ne gaɓoɓi, wato inda muke da awo. Tsakanin kowace gaɓa da mai bi mata ana shimfiɗa guntun layi mai siffar a + bx + cx² + dx³, sannan a nemi guntaye biyu da suka haɗu a gaɓa su dace a abu uku: tsayi, da gangara, da lanƙwasa. Gangara ita ce saurin hawan layi, lanƙwasa kuwa saurin sauyawar gangarar ce.

Misalin da za a bi

Mu ƙaddara akwai dakalin awo mai faɗin mita ɗaya a wata magudana. Ga irin wannan dakali mai shimfiɗaɗɗen doro, ilimin gudanar ruwa ya ba da ƙa'ida ta kusa, Q = 1700·H^1.5, inda H yake zurfin ruwa bisa dakalin da mita, Q kuma lita a daƙiƙa. An zaɓi ƙa'idar da aka sani ne da gangan, domin a sami abin gwada amsa. Za mu yi kamar adadi huɗu kawai muka sani: a zurfin 0.2 lita 152.05, a 0.4 lita 430.07, a 0.6 lita 790.09, a 0.8 lita 1216.42. Tazarar gaɓoɓi, h, ita ce 0.2. Abin nema shi ne adadin zurfin 0.3, wanda ƙa'idar ta ce 279.34 ne.

Wanda ya ja miƙaƙƙen layi tsakanin adadi biyu na farko zai sami 291.06, ya zarce gaskiya da kusan lita 12. Sifilain gyara wannan layi yake yi. Idan muka kira lanƙwasar kowace gaɓa M, to a tsakiyar guntun farko amsarsa ita ce:

S = (y0 + y1)/2 − (h²/16)(M0 + M1)

Su kuma lanƙwasoshin ana samun su ne daga sharaɗin dacewar gangara, wanda yake ba da jimlar lissafi ɗaya a kowace gaɓa ta ciki:

M(i−1) + 4M(i) + M(i+1) = (6/h²)(y(i−1) − 2y(i) + y(i+1))

A nan gizo ke saƙar. Gaɓoɓinmu huɗu ne, saboda haka lanƙwasa huɗu muke nema, amma gaɓoɓin ciki biyu ne kacal, jimla biyu ke nan. Ko gaɓoɓin dubu ne, giɓin jimla biyu ba ya gushewa, domin gaɓar farko da ta ƙarshe ba su da maƙwabciya ta waje. Awon ba zai cike wannan giɓi ba. Mai lissafi ne zai zaɓa.

Zaɓin bakuna

Zaɓi na farko shi ne sakin baki: a ce lanƙwasa sifili ce a gaɓar farko da ta ƙarshe, kamar yadda itacen masu zane yake miƙewa bayan nauyin ƙarshe. A littattafai ana yi masa laƙabi da “na ɗabi'a”, kuma a ganina wannan suna ya ruɗi ɗalibai da yawa, domin ɗabi'ar itace ake nufi, ruwa bai san da ita ba. Da wannan zaɓi M1 ya fito 2617, amsa kuma 284.52. Kuskuren lita 5.18 ne a daƙiƙa, wanda in ya kwana ya wuni ya kai kusan lita dubu ɗari huɗu da hamsin da aka rubuta an ba manoma alhali ba su iso gonakinsu ba. Dalili a bayyane yake: lanƙwasar gaskiya a zurfin 0.2 ita ce 2851, mu kuwa mun tilasta ta zama sifili.

Zaɓi na biyu shi ne ɗaure baki, wato a faɗa wa sifilain gangarar gaskiya a bakunan biyu. A misalinmu ƙa'ida ta ba da 1140.39 a farko da 2280.79 a ƙarshe. Da aka warware jimlolin, M0 ya zama 2757, M1 ya zama 1976, dukansu dab da na gaskiya (2851 da 2016). Amsa ta koma 279.23, kuskure 0.11. Jimla biyu kawai aka sauya, kuskure ya ragu fiye da sau arba'in. Sai dai a bakin kanal ba kasafai ake sanin gangarar ba, domin da an san ƙa'ida da ba a nemi cike gurbi ba.

Shi ya sa zaɓi na uku ya fi amfani a aikace: a shafe gaɓa. Ana neman guntun farko da na biyu su zama layi ɗaya, haka na ƙarshe da wanda ya gabace shi, sai a bar awon da kansa ya nuna inda lanƙwasa ta dosa. Carl de Boor ya yi bayaninsa a littafinsa na 1978 kan sifilain. A misalinmu ya ba da 279.83, kuskure 0.49, ba tare da wani ƙarin bayani daga waje ba. Shi ne kuma zaɓin da manhajar SciPy take ɗauka idan ba a ambata wani ba:

```python
from scipy.interpolate import CubicSpline
H = [0.2, 0.4, 0.6, 0.8]
Q = [152.05, 430.07, 790.09, 1216.42]
CubicSpline(H, Q, bc_type='not-a-knot')
CubicSpline(H, Q, bc_type='natural')
CubicSpline(H, Q, bc_type=((1, 1140.39), (1, 2280.79)))
```

Daga ina daraja ta huɗu ta fito

A koma ga ƙa'idar tsakiyar guntu. Kuskure yana iya shiga ta ƙofa biyu. Ta farko: ko da an zuba lanƙwasar gaskiya a cikinta, layi mai daraja uku ba ya iya kwaikwayon abin da ya wuce daraja uku. A ɗan gajeren zango, kowane layi mai santsi ana iya rubuta shi a matsayin jerin sassa, mai h, mai h², mai h³, mai h⁴, haka dai. Guntun sifilain yana ɗauke duk abin da bai wuce h³ ba. Sashe na farko da ya kuɓuce masa shi ne mai h⁴, kuma shi ne mafi girma a cikin ragowar idan h ƙarama ce.

Ƙofa ta biyu ita ce lanƙwasoshin M su kansu, tun da ba na gaskiya ba ne, lissafo su aka yi. Idan aka gwada lanƙwasar gaskiya a jimlar gaɓoɓin ciki, ɓangarorin biyu ba sa daidaita ɗari bisa ɗari, amma saɓaninsu gwargwadon h² ne. Tambaya ita ce ko warware jimlolin zai kumbura wannan saɓani. Ba zai kumbura shi ba, saboda adadin 4 da ke tsakiya ya rinjayi 1 da 1 da ke gefensa, sai kuskuren kowace M ya tsaya a gwargwadon h². Ita kuma M ba ta shiga amsa sai an ninka ta da h²/16. To h² sau h² ya ba da h⁴. Ƙofofin biyu sun kai ga daraja ɗaya, kuma rabin tazara ya zama ɗaya bisa goma sha shida na kuskure. Hall da Meyer sun tabbatar a 1976 cewa ga ɗaurarren baki kuskure ba ya wuce (5/384)·h⁴ sau mafi girman sauyi na huɗu na layin, wato sauyin sauyin lanƙwasa, kuma ba a iya rage adadin 5/384. A misalinmu wannan iyaka 1.1 ce, ninki goma na abin da muka gani.

Wannan hujja ce kuma take tona asirin sakakken baki. Kuskuren M0 a wurinsa 2851 ne, kuma ko an matse tazara yana nan 2851. An ninka shi da h² sau ɗaya kawai, don haka a kusa da baki darajarsa biyu ce, daidai da miƙaƙƙen layi. Sauƙin abin shi ne ɓarnar tana dusashewa yayin da ake shiga ciki: kowace gaɓa tana gadon kusan kashi 27 cikin ɗari (2 − √3) na kuskuren maƙwabciyarta, da alama a juye. Bayan gaɓa biyar ko shida da wuya a ga sawunta. Jadawali mai gaɓa huɗu kuwa ba shi da tsakiyar da zai fake.

Ana iya gane wannan da gwaji mai sauƙi. Na maimaita lissafin da tazarar 0.1, gaɓa bakwai, na duba tsakiyar guntun farko, zurfin 0.25, inda gaskiya take 212.50. Kuskuren sakakken baki ya sauko daga 5.18 zuwa 1.28, sau huɗu ke nan. Na ɗaurarren baki ya sauko daga 0.11 zuwa 0.010, sau goma sha ɗaya. Bai kai goma sha shida ba, kuma akwai dalili: sauyi na huɗu na H^1.5 yana ƙaruwa yayin da zurfi yake raguwa, wurin gwajin kuma ya matsa daga 0.3 zuwa 0.25. In aka ci gaba da raba tazara, ninkin zai riƙa kusantar goma sha shida. Amma in jadawalin ya fara daga zurfin sifili, inda lanƙwasar H^1.5 ba ta da iyaka, hujjar gaba ɗaya ta rushe a guntayen farko, ko wane baki aka zaɓa.

Akwai wata iyaka da ta fi wannan kusa da mai awo. Duk lissafin da ya gabata ya ɗauka adadin gaɓoɓi ba su da aibi. A zurfin 0.3, kuskuren milimita biyar wajen karanta sanda, abin da motsin ruwa kaɗai ke iya jawowa, yana sauya amsa da kusan lita 7, fiye da ɓarnar sakakken baki. Sifilain kuwa dole ya bi ta kan kowace gaɓa, mai kyau da marar kyau, kuma a jimlar lanƙwasa ana raba kuskuren awo ne da h², don haka yawan gaɓoɓi masu kuskure yana sa layin ya riƙa karkarwa. Alamarsa ita ce M tana tsalle tsakanin manyan adadi, wani lokaci har da sauya alama, a layin da aka san lanƙwasarsa gefe ɗaya take. In an ga haka, ko kuma laka da kacala sun tare bayan dakali har ruwa ya daina zuba a sake, sai a koma bakin kanal a sake awo, sannan a nemi layin da ke ratsa tsakanin gaɓoɓin maimakon mai taka kowace ɗaya.