Wasiƙar Mai Gida Ba Ta Tsayuwa Sai da Rasit

A Azare, hedkwatar masarautar Katagum, akasarin haya da baki ake ƙulla ta. Dillali ya haɗa mutum da mai gida, a biya kuɗin shekara hannu da hannu, a yi musafaha. Amanar nan tana aiki har ranar da banki ko ofishin jakadanci zai nemi shaida a rubuce.

Babbar hanyar samun rancen gida a Nijeriya ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Mai zuba kashi 2.5 cikin ɗari na abin da yake samu, tsawon wata shida aƙalla, yana iya neman rance ta hannun bankin lamunin gidaje. Bankin zai so tabbatar da mazauninsa. A nan ɗan haya ke tuntuɓe, domin takardar kuɗin lantarki ta kamfanin Jos sau da yawa sunan mai gida take ɗauke da shi. Wasiƙar mai gida ce ke cike giɓin.

Ya kamata wasiƙar ta faɗi cikakken sunan ɗan haya kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, da adireshin gidan, da ranar da ya tare, da adadin kuɗin haya da lokutan biya. Mai gida ya sa hannu da lambar wayarsa.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi mai biyan Naira dubu 300 a shekara, wanda ya shekara huɗu a gida. Idan wasiƙa ta ce yana biya kowane Janairu, jami'in banki zai duba bayanan asusunsa na wannan wata. In bai ga kuɗin ba, kuma babu rasit, wasiƙar ta zama magana kawai. Mafita ita ce a rubuta gaskiya: shekaru huɗun an biya a hannu, ga shaidu. Daga nan biya na gaba ya bi ta banki.

Wata matsalar kuma gidan gado ne. Wanda ke karɓar haya a madadin magada ya bayyana cewa wakili ne, kada ya kira kansa mai gida. Hatimin mai unguwa kuwa zama yake tabbatarwa, ba biya ba.

A wajen biza, wasiƙar taimako kawai take yi wajen nuna cewa mutum yana da mazaunin da zai dawo. Haɗarinta ya fi amfaninta idan aka yi ƙari a ciki, ko aka buga rasit yau da kwanan watan bara. Birtaniya tana iya hana wanda aka kama da takardar jabu shiga ƙasarta har shekara goma.

Saboda haka mai niyyar neman rance baɗi, rasit ɗin bana ya kamata ya fara adanawa.