Lambar da Kwamfuta ta Haɗiye

Ga lissafi mai layi biyu: 10⁻²⁰x + y = 1, da x + y = 2. A gaskiya x da y kowanne kusan 1 ne, amma kwamfutar da ta bi hanyar Gauss kai tsaye za ta ce x sifili ne.

Hanyar tana raba jadawalin lambobin gida biyu masu siffar alwatika, L da U. Don a kawar da x daga layi na biyu, ana ninka layi na farko da 10²⁰ a cire, sai a sami 1 − 10²⁰. Kwamfuta kuwa lambobi kusan 16 take iya riƙewa, saboda haka wannan 1 ɗin ya ɓace, kamar ƙwayar gero a rumbu. Daga nan amsa ta lalace, kuma na'urar ba za ta yi gargaɗi ba, wanda a ganina shi ne babban haɗarin.

Maganin shi ne, a kowane mataki a duba shafin, a ɗauko layin da lambarsa ta fi girma a mai da shi sama. Da haka abin ninkawa ba ya wuce 1, kuma x zai fito 1.

Duk da haka lambobi na iya kumbura a hanya. James Wilkinson ya auna kumburin ta hanyar raba lamba mafi girma da ta ɓullo da mafi girma ta asali. A jadawali mai layi n, iyakarsa 2ⁿ⁻¹ ne, kuma akwai jadawalin da ke kaiwa can: mai layi 60 yana iya cinye lambobi 16 ɗin kaf. A aikin yau da kullum da wuya a gamu da irinsa.