Ƙarfe ɗaya, hukunci biyu

Idan ana gasar ɗaga ƙarfe, mai kallo yakan ɗauka duk wasa ɗaya ne: ƙato da sanda da faya-fayan ƙarfe. Alhali wasanni biyu ne, kowanne da hukumarsa da dokokinsa. Akwai ɗaga nauyi na Olamfik, akwai kuma wanda ake kira fawaliftin.

A na Olamfik ɗagawa biyu ce, duk ƙarfen na ƙarewa ne a saman kai. Ta farko ita ce sinac, inda ɗan wasa zai fizgo sanda daga ƙasa ya cilla ta sama a tashi ɗaya, ya shige ƙarƙashinta a tsugune, sannan ya miƙe. A ta biyu, kilin-an-jak, yakan fara ɗora ta a ƙirji da kafaɗu, ya numfasa, ya wurga ta sama. Saboda wannan hutun ne ta biyu ta fi nauyi. Lasha Talakhadze na ƙasar Jojiya ya ɗaga kilo 225 a ta farko da 267 a ta biyu a birnin Tashkent a 2021.

A nan idon alƙalai na kan gwiwar hannu. Dole sandar ta isa sama hannuwa a miƙe. In gwiwar ta ɗan lanƙwashe, mutum ya ƙarasa da turawa, ɗagawar ta ɓaci, ko da ƙarfen na can sama 'yan kallo na tafi. Da can akwai ɗagawa ta uku ta turawa zalla, amma an soke ta bayan wasannin Munich na 1972, don masu ɗagawa sun riƙa gantsarewa baya har hukunci ya gagara.

Fawaliftin kuwa ba ruwansa da sauri. Ɗagawa uku ce: tsuguno da sanda a bayan kafaɗa, tura ta daga ƙirji a kwance kan benci, da ciro ta daga ƙasa har a miƙe tsaye. Mutum na iya yin nishi yana jan ƙarfe sannu a hankali, muddin sandar ba ta koma ƙasa ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne zurfin tsuguno, wato sai mahaɗar cinya da ƙugu ta sauka ƙasa da saman gwiwa. A benci kuma sai sandar ta tsaya cik a ƙirji, alƙali ya ba da umarni, kafin a tura. Wanda ya riga umarnin ya yi asara, kuma a ganina babu faɗuwar da ta fi wannan ciwo.

Duka wasannin alƙalai uku ne, farar fitila amincewa, ja ƙi, biyu sun rinjayi ɗaya. Gwaji uku ake ba kowa a kowace ɗagawa, a tara mafi nauyin da ya ci.

Fawaliftin bai shiga Olamfik ba, sai dai reshensa na benci kaɗai yana cikin wasannin nakasassu na Faralimfik, inda Folashade Oluwafemiayo ta ciyo wa Najeriya zinare a Tokyo da kuma Paris a 2024.