Barka da Sallah ga abokin ciniki: a kira shi da sunansa

Ranar Sallah, kafin a sauko daga idi, wayar ɗan kasuwa ta cika da hoton jinjirin wata da rago. Yawancinsu ba ya ko buɗewa. WhatsApp ma yakan tona asirin mai aikowa, domin saƙon da aka tura daga wani wuri yana zuwa da tambarin Forwarded a samansa, wanda ya sha yawo kuma Forwarded many times. Wanda ya ga haka ya san ba shi aka tuna ba, lambarsa ce kawai ta faɗo cikin jeri.

A ce dillalin atamfa ne a Kantin Kwari, yana da abokin ciniki a Maraɗi da ke saro kaya wurinsa. Abin da zai fara dubawa shi ne ranar. Nijar da Najeriya kowace da sanarwarta ta ganin wata, sau da yawa kuma akan sami tazarar kwana guda. In ya jira sanarwar Sarkin Musulmi alhali Maraɗi sun yi idi jiya, gaisuwarsa ta kwana.

Sai abin da zai faɗa. Saƙon murya na rabin minti ya fi doguwar addu'ar da aka kwafo: "Alhaji, barka da Sallah. An sha ruwa lafiya? Yaya jikin Hajiya, tun da ka ce an sallamo ta? Allah ya ƙara sauƙi, ya maimaita mana." Tambayar jikin Hajiya ita ce gaisuwar, don ba wanda za a iya tura wa ita sai shi. Ba kuma wani dogon tanadi take bukata ba. A littafin da ake rubuta bashi, a gefen sunan mutum, ana iya ɗiga abin da ya ambata a zuwansa na ƙarshe: aurar da 'ya, tafiya Umra, sabon shago. In dattijo ne ko wanda ya ɗora ka a kan sana'a, kira ya kamata, ko ma takawa har gida.

Inda ake yawan ɓata rawa da tsalle shi ne ƙarshen saƙon. Wani zai yi addu'a mai kyau, sai ya liƙa "sababbin kaya sun iso", ko "kar a manta da cikon nan". Daga nan gaisuwa ta zama talla ko bin bashi. A ganina a bar ciko sai kasuwa ta dawo, a kuma nema shi a saƙo dabam.

Abokin hulɗa Kirista na Onitsha ko Aba, nasa lokacin Kirsimeti ne, 25 ga Disamba, da sabuwar shekara. Da yawansu kan rufe shago su tafi ƙauye, saboda haka a gaishe shi kafin ya kama hanya, a yi masa fatan sauka lafiya, a Janairu kuma a tambaye shi yadda ya baro mutanen gida.